Jawabin Buɗe Gasar Tattaki: Da Wa Ake Magana a Harabar Ofis?

Gasar tattaki tsakanin ma'aikata ba ta da wuyar fahimta. Ana raba mutanen ofis rukuni-rukuni, kowa ya riƙa ƙirga takunsa da waya ko da agogon hannu, a ɗauki makonni ana yi, a ƙarshe a duba rukunin da ya yi zarra. Ranar da za a fara, akan tara jama'a a harabar ofis da hantsi, jami'in da ke kula da lafiya da walwalar ma'aikata ya tashi ya yi jawabi na minti biyar ko goma, a tafa, a ɗauki hoto, a zagaya gini sau ɗaya. Galibi ana ɗaukar jawabin nan a matsayin ado, abin da ake yi don kada a ce an fara ba sallama. A ganina kuwa, a cikin mintocin nan ne mutumin da ya fi kowa buƙatar gasar yake yanke shawarar ko zai shiga ko zai koma kujerarsa. Abin da ya ji ne zai sa ya yanke, musamman dokokin da aka ambata da lambar da aka kafa masa.

A fara da duba waɗanda ke tsaye a gaban mai jawabin. A shekarar 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin. Direba da kwandasta mota ɗaya suke aiki a ciki, awanninsu ɗaya, rayuwarsu kusan iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana wuni yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma idan ya kama su ya fi saurin halaka su. Daga wannan aikin nasa ne masana suka fara ɗaukar yawan zama a matsayin abin da ke cutar da zuciya.

Kowane ofis yana da nasa direban da nasa kwandastan. Akwai masinja da ke wuni yana kai fayil daga hawa na ɗaya zuwa na uku, da mai shara, da maigadi mai zagayen dare, da matasan da ke buga ƙwallo kowace Asabar. Akwai kuma akanta da ke zama tun takwas na safe, ba ya tashi sai alwalar Azahar, da sakatariya da ke sauka daga adaidaita sahu a bakin ƙofa ta sake hawa a bakin ƙofa, da babban jami'i da direba ke ajiyewa a gindin matakala. Rukunin farko ba sa jiran jawabin kowa, da gasa da babu gasa suna tafiya. Don rukuni na biyu ake taron, kuma su ne suka fi saurin zamewa.

Wannan ba zato ba ne. A Jami'ar Illinois ta Amurka an yi wani babban gwaji da ma'aikata kusan 5,000, inda aka yi ƙuri'a aka ba wasu damar shiga shirin kula da lafiya na wurin aiki, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna abubuwa biyu. Na farko, waɗanda suka amsa gayyata suka shiga shirin mutane ne da tun asali sun fi abokan aikinsu motsa jiki, kuma sun fi su ƙarancin kashe kuɗi a asibiti. Na biyu, da aka kwatanta rukunin da aka ba shirin da wanda ba a ba ba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a kuɗin magani ko a fashin aiki saboda rashin lafiya. Ma'ana, shirin ya ja masu lafiya, ya bar waɗanda aka yi shi dominsu. Duk mai shirin tashi ya buɗe gasar tattaki ya kamata ya san wannan, don ya daina yi wa jama'a alkawarin cewa makonni shida za su kori hawan jini da ciwon suga daga ofis, ya kuma san fuskar da zai riƙa kallo idan yana magana.

Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan jawabi yana zuwa ne a jimla guda: "Burinmu shi ne kowa ya yi taku 10,000 kullum." Da ƙarfi ake faɗinta, kamar umarnin likita. Asalin lambar kuwa daga kasuwa take. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da wata 'yar na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku 10,000. Lamba ce mai daɗin faɗi da sauƙin riƙewa, sai ta bi duniya, tun kafin a yi binciken da zai nuna ko ita ce daidai.

Da aka zo aka yi binciken, sai labari ya yi wa mai zaman kujera daɗi. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka bi diddigin tsofaffin mata fiye da 16,000. Sun ga cewa masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin wajen 2,700 ƙarancin mace-mace da tazara mai yawa, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Wani nazarin na 2022, wanda ya haɗa bincike 15 daga nahiyoyi dabam-dabam, ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60 amfanin yakan daidaita tsakanin taku 6,000 da 8,000, ga wanda bai kai ba kuma tsakanin 8,000 da 10,000. Irin wannan bincike na bin diddigi ne, ba ya iya tabbatar da cewa tafiyar ce kaɗai ta tsawaita rai, tunda mai ciwo ma yakan rage tafiya saboda ciwon. Amma dukansu hanya ɗaya suka nuna: riba mafi girma tana wajen wanda ya tashi daga ƙasa. Taku 2,000 da akanta zai ƙara a kan 3,000 ɗinsa sun fi amfani ga jiki fiye da 2,000 da masinja zai ƙara a kan 12,000.

To, a dubi abin da jimlar nan ta taku 10,000 take yi wa akantan. Ya ciro waya ya duba, ya ga jiya ya yi 3,200. An ce masa ya ninka sau uku daga yau, abin da zai ci masa fiye da awa guda kullum. Yana da iyali, yana da cunkoson hanya safe da yamma, gwiwarsa ma tana ɗan yi masa ciwo. Zai tafa tare da kowa, amma a ransa ya riga ya fita daga gasar kafin a ɗauki hoto. Idan ma ya daure ya gwada, a kwana na uku ƙafa ta yi bororo, ƙwauri ya ɗauki ciwo, sai ya bari yana mai ganin cewa shi ba na motsa jiki ba ne, wanda ya fi rashin farawar muni.

Saboda haka zuciyar jawabin ita ce bayanin yadda za a ƙirga maki, kuma ya kamata a yi shi dalla-dalla, da misali. Akwai gwajin da ya nuna tsarin da ke aiki. A 2019 Dakta Mitesh Patel na Jami'ar Pennsylvania da tawagarsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan kamfanin Deloitte su 602, dukansu masu nauyin jiki fiye da ƙima. Ba a kafa musu lamba ɗaya ba. An fara auna takun da kowa ya saba yi, sannan kowa ya zaɓi abin da zai ƙara a kan nasa. Daga nan aka raba su: wasu suna gasa da juna su uku-uku, wasu suna haɗa kai a matsayin tawaga, wasu kuma an haɗa su da ɗan'uwa ko aboki mai ƙarfafa musu gwiwa. A makonni 24 da aka yi, duka rukunonin uku sun fi waɗanda aka ba na'ura kawai tafiya, amma masu gasa ne suka fi, da ƙarin taku wajen 900 a rana. Bayan an tsayar da wasan aka ci gaba da lura da su na makonni 12, kuma masu gasar ne kaɗai ƙarin nasu ya tsaya a fili, ko da yake ya ragu. Gasa tana da amfani ke nan, matuƙar kowa da mizanin kansa ake auna shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ofis ne mai ma'aikata 40 a Kano, za a yi makonni shida, an raba su tawaga takwas ta mutum biyar-biyar. Makon farko na awo ne, ba a ba da maki, kowa ya yi rayuwarsa yadda ya saba, a fitar da matsakaicin takunsa na rana. Akanta ya fito da 3,200, sakatariya 4,500, masinja 12,000. Daga mako na biyu kowa zai ƙara 500 a kan nasa, kowane mako a sake ƙara 500, har ƙarin ya kai 2,000 a mako na biyar, mako na shida kuma a riƙe shi a nan. Akanta zai bi 3,700, sai 4,200, sai 4,700, ya tsaya a 5,200. Sakatariya za ta ƙare a 6,500. Masinja kuwa, da duk wanda ya riga ya wuce 10,000, ba a neman ƙari a wurinsa, ya riƙe abin da yake yi. Duk ranar da mutum ya cika adadinsa, tawagarsa ta sami maki ɗaya, ko da taku ɗaya ya haura ko da dubu biyar. Mafi yawan abin da tawaga za ta samu a mako shi ne 35.

Da wannan lissafi, masinja ba zai iya ɗaukar tawagarsa a kai ba. Ko ya yi tattaki daga Sabon Gari zuwa Kabuga, makinsa na ranar ɗaya ne. Idan yana son su ci, sai ya leƙa ofishin akanta bayan Azahar ya ce, "Yallaɓai, saura ɗari bakwai fa, mu zagaya?" Abin da ake nema a gasar ke nan. Da jimillar taku aka tara, da tun makon farko an san masu nasara, sauran su zuba ido.

Ƙarin 2,000 ɗin ma ba a kan iska aka ɗauko shi ba. Tafiya mai ɗan sauri tana kai wa wajen taku 100 a minti ɗaya, saboda haka 2,000 tafiyar minti 20 ce, wajen kilomita ɗaya da rabi. A kwana bakwai ta zama minti 140, dab da minti 150 na motsa jiki matsakaici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙarancin abin da baligi zai yi a mako. Sharaɗin shi ne a ɗaga ƙafa. Ba sai da agogo za a gane saurin da ake so ba: numfashi ya ɗan hau, mutum yana iya hira da na kusa da shi, amma ba zai iya rera waƙa ba. Idan magana ta gagara saboda haki, an wuce gona da iri. Kuma ba dole a yi minti 20 ɗin a haɗe ba. Minti goma bayan abincin rana, minti goma da yamma, sun wadatar, kuma tafiyar bayan cin abinci tana taimakawa wajen rage hauhawar suga a jini.

Tsarin yana da ƙofar da ake bi a ha'ince shi, kuma gara mai jawabi ya ambace ta da bakinsa. Mai wayo zai iya lafewa a makon awo don adadinsa ya fito ƙasa. Maganinsa a cikin wayar yake, don wayoyi da yawa suna ajiye tarihin takun mai su, sai a duba na watan da ya wuce idan akwai. Ita kanta wayar ba alƙali ba ce. Motsi take ji, ba ƙafa take gani ba. Girgizar adaidaita sahu a hanya mai ramuka tana iya ƙara wa mutum takun da bai yi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, matan ofis da yawa suna sa atamfa ko abaya marar aljihu, wayar tana cikin jaka, jakar tana kan tebur, ita kuwa mai ita tana ta kai-komo ba a rubuta mata ko ɗaya ba. Idan ba a faɗi wannan ranar farko ba, a mako na biyu za a fara cewa mata ba sa ƙoƙari, alhali kuwa awon ne ya zalunce su. Doka ɗaya ta isa: na'urar da ka yi awon makon farko da ita, da inda ka ɗauke ta a jikinka, haka za ka ci gaba har ƙarshe. Wanda wayarsa ba ta ƙirga taku, kamar Baba maigadi mai ƙaramar waya, sai a ƙirga masa da mintoci, a amince da abin da ya faɗa.

Ga yadda nake ganin tsakiyar jawabin za ta kasance, idan aka ce wata jami'a ce ke yin sa. Bayan sallama da gaishe da shugaba da manyan ma'aikata, sai ta ce: "Iyayena da yayyena da ƙannena, ba na neman kowa ya kamo wani. Malam, idan takunka 3,000 ne, daga 3,000 za mu fara, kuma makinka daidai yake da na yaron da ke yin 15,000. Hajiya, idan gwiwa ta hana, ki same ni mu tsara miki naki, da mintoci ko da motsa jiki a zaune. Ba za a auna nauyin kowa ba. A allon sanarwa makin tawaga kaɗai za a liƙa, takun kowane mutum kuwa tsakanina da shi ne, ba zai je teburin shugaba ba, ba kuma zai shiga fayil ɗin kowa ba. Wanda ba ya so ya shiga, babu wanda zai tambaye shi dalili."

Kalmomin nan na ƙarshe suna da nauyi, domin ofis ba filin wasa ba ne. Akwai na sama da na ƙasa, akwai ƙarin girma da ake jira. Idan oga ya ce "ana so kowa ya shiga", ƙaramin ma'aikaci umarni yake ji. Akwai mai juna biyu da ba ta kai ga sanar da kowa ba, akwai mai ciwon da ba ya son a sani. Allon da ya jera sunaye daga na ɗaya zuwa na arba'in tonon asiri ne ga na ƙasan, kuma su ne dai mutanen da aka shirya abin dominsu.

Sai gargaɗi, wanda ake yawan hanzartawa a wuce shi don kada a ɓata armashin taro. Tafiya tana cikin motsa jiki mafi aminci, amma ofis mai mutum 40 da wuya a rasa mai hawan jini a ciki, har da wanda bai san yana da shi ba, tunda sau da yawa ba ya nuna alama. Ya kyautu a sa ma'aikacin jinya da na'urar awon jini a gefe ranar buɗewa. Mai jawabi ya faɗa ƙarara cewa ciwo ko nauyi a ƙirji, da jiri, da haki da ya wuce girman tafiyar, da bugun zuciya da ya rikice, duk alamu ne na a tsaya nan take a nufi asibiti, ba a daure don maki ba. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tuntuɓi likitansu kafin su ƙara. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga ya riƙe alewa ko dabino a aljihu, idan ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi da yunwa kwatsam ya tsaya ya ci. Ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ciwon yakan kashe jijiyoyin ji, bororo ya fashe ya zama gyambo bai sani ba. Takalmi ya zama rufaffe mai laushi tare da safa. Silifas da takalmin ofis mai tsini ba na wannan aiki ba ne.

Yanayinmu ma yana da hukunci a kan jadawalin. Daga Maris zuwa Mayu zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40, kuma tura mutane tattaki da tsakar rana a lokacin ganganci ne. A bazara sai dai sanyin safiya ko bayan La'asar sakaliya, da ruwa a hannu, ko kuma a yi amfani da baranda da matakalar cikin gini. Hunturu ya fi daɗin tafiya, sai dai ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya yi tasa a ciki. Azumi kuwa gara a kauce masa wajen sa ranar gasa. Idan ya faɗo a ciki, a dakatar da ƙarin, a bar mutane su yi nasu bayan buɗa-baki. Akwai kuma takun da muke da su a hannu muna zubarwa: zuwa masallacin da ke bayan layi a ƙafa maimakon shimfiɗa darduma a gefen tebur, sauka daga mota tun kafin a iso ƙofa, tashi a kai takarda da kai maimakon kiran masinja.

Abu mafi daraja da mai jawabi zai iya sanarwa ba daga bakinsa yake fitowa ba, sai ya nemo shi tun kafin ranar. Shi ne lokaci. Idan ya iya cewa hukumar ofis ta amince da minti 15 kullum daga cikin lokacin aiki don tattaki, kuma shugaba yana tsaye yana gyaɗa kai, to mai karɓar kuɗi a kanta da mai amsa waya sun sami izinin tashi. In babu wannan, gasar ta zama ta masu ofis na kansu da masu iko da lokacinsu, ƙananan ma'aikata kuma an ɗora musu wani aikin bayan tashi. Ni a wurina, jami'in da bai samo wannan izini ba gara ya ɗage bikin har sai ya samu.

Kyauta kuma a yi ta ƙarama. Shi dai Dakta Patel ya yi wani gwajin da aka wallafa a 2016, inda aka sa wa ma'aikata kuɗi a asusu ana zare kaɗan duk ranar da suka gaza cika taku 7,000. Tsarin ya sa sun fi cika adadin a makonni 13 da aka yi, amma da aka janye kuɗin sai tasirin ya bi shi. Idan aka sa babbar waya ko firji a matsayin lada, abin da za a samu shi ne masu kaɗa waya a hannu suna kallon talabijin, da gardama a kan maki. Kofi, ko liyafar cin abinci ga tawagar da ta ci, ya wadatar.

Kafin ya sauka, mai jawabi ya ambaci ranaku biyu. Ta farko ranar rufe gasa. Ta biyu wata uku bayanta, lokacin da za a sake yin makon awo guda, ba maki ba kyauta, a kwatanta da na farko. A wannan awon ba takun masinja za a duba ba. Za a ware mutum goma da suka fi kowa ƙarancin taku a makon farko, a ga nawa ne cikinsu suka kai ƙarshen gasar, nawa ne kuma har yanzu suke sama da inda suka fara. Idan akanta, wanda ya taso daga 3,200 ya kai 5,200, aka same shi a 4,300, gasar ta yi aiki, kuma 4,300 ɗin ne za a rubuta masa a matsayin mafarinsa a zagaye na gaba.